Kwali Ko Guda: Yadda Kalma Ɗaya Ta Tayar da Hankalin Ɗan Kasuwa

Bayan sallar la'asar hotuna uku suka shigo wayar wani Alhaji mai sayar da tocila a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Wakilinsa ne ya turo su daga Yiwu, birnin da ke lardin Zhejiang na ƙasar Sin, inda 'yan kasuwar duniya ke sarin ƙananan kaya. Hoton farko takardar kuɗi ce, na biyu takardar lissafin kaya, na uku kuwa rubutun da ke jikin kwali. Alhaji ya riga ya ba da kafin alƙalami a kan tocila 6,000, ana jiran cikon kuɗi kafin a kai kayan tashar jiragen ruwa ta Ningbo. Da yake ba ya iya karanta ko harafi ɗaya, sai ya aika aka kira ɗan ƙanwarsa wanda ya yi karatu a Sin.

Saurayin ya buɗe hoton farko, ya ga an rubuta 50件, sai ya ce, "Kawu, guda hamsin suka rubuta." Bai yi ƙarya ba, domin a aji an koya masa cewa 件 kalmar ƙirga ce da ake cewa riga guda ko al'amari guda da ita. Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce a duba masa jimillar kuɗin. Aka ga 叁万元, wato yuwan dubu talatin, an rubuta ukun da harafi mai sarƙaƙiya wanda Sinawa ke amfani da shi a takardun kuɗi don kada a sauya adadi. Alhaji ya ce, "A yuwan biyar muka yi ciniki. Wane ne zai sayi tocila hamsin a kan dubu talatin? Sake dubawa."

Hoton jikin kwali ne ya warware matsalar. A kansa an buga 10打, harafin 打 kuwa dozin yake nufi, don haka kowane kwali na ɗauke da tocila 120. Kwali 50 sau 120 ya ba da 6,000 cif. Ashe a bakin 'yan sari na Yiwu, 件 kan ɗauki ma'anar kwali sukutum. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda ya san cewa mudun wata kasuwa ba shi ne na wata ba, kuma dila a bakin ɗan Kantin Kwari ba dabbar daji ba ce. Ƙamus kan ba da ma'anar kalma, amma kasuwa ce ke faɗin yawan abin da take aunawa.

Saurayin ya ɗauka aiki ya ƙare, amma Alhaji ya ce a karanta masa nauyi. Takardun jigila kan bambanta nauyi iri biyu: 毛重 shi ne nauyin kaya haɗe da kwalinsa, 净重 kuma nauyin kayan zalla. A jikin kwali an rubuta nauyin zalla kilo 18, wanda ya nuna kowace tocila giram 150 ce. Da lissafi ya tafi daidai, kwali 50 za su ba da kilo 900. Abin da ke ƙasan takardar lissafin kaya kuwa 864 ne. Kilo 36 sun yi ɓatan dabo, kuma idan aka raba su da giram 150, tocila 240 ke nan, kuɗinsu yuwan 1,200.

Da aka ƙara girman hoton, sai aka lura cewa hasken fitila ya haske layin ƙarshe na takardar, ba a iya karanta shi. Alhaji ya sa wakilin ya sake ɗauka a inuwa, ya kuma ɗauko jikin kwalayen ƙarshe. Nan aka ga kwali goma ɗauke da 8打, wato tocila 96 kowanne. Kaya ne suka gaza wa mai shagon, ya cika kwalayen da abin da ya samu, ya rubuta gaskiya a takardar lissafi, amma ya bar takardar kuɗi yadda take. Alhaji ya riƙe cikon kuɗi har aka cire yuwan 1,200.

Mai nazarin fassara zai lura cewa mutum biyu ne suka fassara waɗannan takardu, ko da yake ɗaya kaɗai ya san harshen. Saurayin ya kawo haruffa, kawunsa ya kawo farashin da aka yi ciniki a kai da sanin cewa adadi da nauyi da kuɗi dole su gaskata juna. Irin wannan matani ba a gama fassara shi sai lissafinsa ya hau, kuma hoto guda ba ya isa shaida sai an gwama shi da 'yan'uwansa. Tun daga ranar, duk lokacin da saurayin ya ci karo da 件, sai ya tambayi wakili nawa ne a ciki kafin ya faɗa wa kawunsa komai.