A juya rigar tukuna

Duk wanda ya je karɓar ɗinki a jajibirin Sallah, idonsa kan aikin wuya yake fara sauka, tela kuma ya san haka. Ni dai tun da furfura ta soma fito mini, ba na yabon riga sai na juya cikinta.

Ka ɗauki kaftanin shadda. Kama ɗinkin gefe da hannu biyu, ka ja a hankali. Idan ya buɗe baki har kana hango zare, tela ya sa keke ya yi manyan taku don ya gama da wuri. Ɗinkin kirki yakan kai taku 10 zuwa 12 a inci guda. Idan kuma wurin ya tattare, zaren ya yi tsauri ke nan. Kada ka yarda da "guga zai gyara, Alhaji". Guga zai kwantar da shi yau, wankin farko ya tayar da shi. Duba kuma rarar yadin da aka bari bayan ɗinkin. Rabin inci ya kamata, da bakinsa a ɗaure don kada ya zare. Mai ƙwauron yadi yakan bar ɗan siriri, kuma a hammata ake fara ganin sakamakon, ranar da ka ɗaga hannu.

Shafi shi ne ya fi yaudara, domin ranar karɓa lafiya lau yake. Idan na auduga ne, ba a kuma jiƙa shi kafin a yanka ba, zai tsuke a wanki, ya ja shaddar ta takure. Shi ya sa gwani ke barin masa ɗan sassauci, ya kuma sa tsawonsa ya gaza na rigar kaɗan don kada ya leƙo.

Kafaɗa kuwa sai an sa rigar. Ɗinkin ya sauka daidai kan ƙashin kafaɗa. Ba kowa Allah ya yi wa kafaɗa iri ɗaya ba, wani tasa a miƙe, wani a zube, amma malalacin tela da yanka ɗaya yake yi wa kowa. Mai zubabbiyar kafaɗa zai ga tattara ta taso daga wuya zuwa hammata, mai miƙaƙƙiya kuma yadin zai taru masa a ƙarƙashin ƙeya. Gyaran nan na da wuya, don shadda ba ta ɓoye sawun allura idan an warware.

Sai kalmasa. Tsaya a kan daɓe, wani ya duba maka. Mu masu tumbi, gaban riga yakan ɗage ya bar baya, sai fa idan tela ya ƙara wa gaban tsawo tun wajen yanka. Tsagar dama da ta hagu su zo daidai, a kuma maimaita ɗinki a saman kowacce, domin nan ne ke yagewa idan an ɗaga ƙafa za a hau babur.