Ranar da Wayata Ta Faɗa Bokitin Wanki

Wata Asabar da la'asar wayata ta zame daga aljihu, tsundum cikin bokitin wanki. Ba wayar ce ta fi tayar min da hankali ba, hirar da muka yi da wani kwastoma tun safe ce, har da hoton shaidar tura kuɗi. Ajiyar ƙarshe da WhatsApp ya yi ta ƙarfe 2 na dare ce, don haka saƙonnin ranar duk a cikin jiƙaƙƙiyar wayar kawai suke.

Ina tsamo ta na kashe ta, na cire kwaba da layi, na goge ta da tsumma, na jingine ta gaban fanka. Ban sa ta a caji ba, domin wuta da danshi ne ke ƙona injin waya.

Ƙanina ya ce, “Yaya, sa layin a tawa ka buɗe WhatsApp mana.” Na ƙi. Da na yi rajistar lambar a wayarsa, WhatsApp zai fitar da ni daga tawa, kuma ajiyar daren jiya kaɗai zai dawo min da ita.

Bayan kwana 2 na kunna ta. Ban tsaya duba komai ba, sai na shiga Settings > Chats > Chat backup, na danna Back up, na jira ya kammala. Bayan mako guda sikirin ya fara rawa, amma hirar tana Google Drive.

Ɗan uwa, in taka ta farfaɗo, fara da ajiya, domin wayar da ta sha ruwa ba ta da tabbas.