Lambobi goma da bai kamata su kwana cikin waya ba

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a Gmail ɗinsa ya kyauta, ko wani ya san kalmar sirrinka ba zai shiga ba sai da wayarka. To amma ranar da wayar ta ɓata, kai ma ƙofar za ta rufe da kai a waje.

Ina zaman SIWES a Mpape wajen yayana, a nan na ga yadda abin ke faruwa. Wani abokin karatuna aka zare wa waya a turmutsutsun shiga mota da safe. Da imel ɗin nan ya yi rajistar JAMB, da shi ya nemi bashin karatu na NELFUND. Ya ari kwamfutar yayana ya sa kalmar sirri daidai, Google ya ce ya tura lamba zuwa layinsa. Layin kuwa yana hannun ɓarawo. Walkam bak sai an je ofis da NIN, ba abin da za a gama a tsaye ba ne.

Wata ƴar takarda ce ta cece shi, tana cikin fayil ɗin takardunsa na makaranta. Ga inda ake samo ta: a myaccount.google.com ka shiga Security, sai 2-Step Verification, sai Backup codes. Za a ba ka lambobi 10, kowace mai alƙaluma 8, kuma kowace sau ɗaya take aiki. Da aka nemi lambar waya sai ya danna Try another way, ya zaɓi shigar da ɗaya daga cikinsu. Shi ke nan, ya shiga, ya soke wadda ya yi amfani da ita da biro.

Bai tashi ba sai da ya je Your devices ya fitar da wayar da aka sace daga akawun ɗin, ya canza kalmar sirri, ya cire tsohon layin ya sa wani da ke hannunsa.

Inda da yawanmu ke yin tuya mu manta da albasa shi ne wajen ajiya. Mutum ya ɗauki hoton lambobin ya bari a wayar, ko ya tura wa kansa a imel ɗin da ake magana a kai. Don Allah wa aka ajiye wa? Ka rubuta da hannu, kwafi biyu: ɗaya cikin takardun shaidarka, ɗaya a gida wajen Umma. Kada ka rubuta kalmar sirri a jikin takardar.

In kana zargin wani ya ga takardar, ko lambobin sun kusa ƙarewa, koma wurin ka nemi sababbi. Da sun fito, tsofaffin sun mutu gaba ɗaya, har na wajen Umma, sai ka tuna ka sauya mata in ka je hutu.