Saƙon da ya zo da sefa jika 20 kacal ta tafi

Wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake aikin lissafi a wani kamfani a Maradi, ya tara jika 100 daga albashinsa na wata huɗu, ya zuba a manhajar cinikin zinariya ta salula. Asusun da dalar Amurka yake aiki, amma zan mayar da lissafin sefa don mu gane.

Dillalin ya ba shi damar riƙe haja mai ninkin jinginarsa sau 50. Sai ya sayi zinariyar sefa miliyan 4. Dillali ya ware jika 80 a matsayin jingina, jika 20 ta rage a sake. Abin da yaron bai lura da shi ba shi ne, riba da hasara a kan miliyan 4 ake lissafa su. Duk sa'ad da farashi ya motsa da kashi 1 cikin 100, jika 40 ce ta shiga ko ta fita daga aljihunsa.

A allon akwai wani layi, Margin Level. Ana raba kuɗin da ya rage maka da jinginarka, a ninka da 100. Nasa ya fara da 125. Da farashi ya sauka da rabin kashi ɗaya kawai, jika 20 ta tafi, layin ya koma 100, sai ga saƙon Margin Call: ƙaro kuɗi ko ka rage hajar, jinginarka ta fara ciyuwa.

Ya kira ni da dare. "Mushe, ka ranta mini jika 40 zuwa ƙarshen wata, farashin zai dawo." Na ce masa ya ɗauko takarda. Jika 40 ɗin saukar kashi 1 kaɗai za ta iya ɗauke masa, kuma zinariya takan yi irin wannan motsi a yini guda. Ban ba shi ba.

Kafin asuba saukar ta kai kashi ɗaya da rabi. Hasara jika 60, saura 40, layin ya taɓa 50. A nan dillalin nasa yake yin Stop Out, wato ya sayar da hajar da kansa ba tare da neman izini ba. Kowane dillali da iyakarsa, tana rubuce a yarjejeniyar da yaranmu suke amincewa da ita ba su karanta ba.

Bayan kwana biyu farashin ya dawo, har ya zarce inda ya saya. Wannan ya fi yi masa ciwo, ya yi ta cewa an cuce shi. Ni ban ga cuta a wannan ba, lissafin kashi cikin ɗari ne da muke koyarwa a ajin ƙarshe na firamare. Da zinariyar jika 500 ya saya, wannan saukar jika 7 da rabi za ta ci masa, kuma da hajar tana hannunsa lokacin da farashi ya juyo.

Jika 40 ɗin da ta rage ya cire ta, ya biya kuɗin haya.