A Rubuta a Gani

Muna aji huɗu a wata sakandare a Kano aka kawo mana Basakkwace. Ranar farko ya ce, "Malam shina zuwa," muka fashe da dariya. Bayan mako biyu muka je muhawarar Turanci a wata makaranta, inda mu ma aka yi mana dariya saboda muna haɗa "p" da "f".

Malaminmu na Hausa ne ya raba mana abubuwan biyu. Ya ce a rubuta maganar a takarda. Idan bambancin ya ɓace, lafazi ne, wato yadda baki ke furta sauti kawai. Hausa ba ta raba "p" da "f", shi ya sa harshenmu ke sarƙewa, alhali a rubuce Turancinmu lafiya lau. Idan bambancin ya zauna a takarda, karin harshe ne, domin ya shafi kalmomi da nahawu, kamar "shina" da "yana". Daidaitacciyar Hausar da muke rubuta jarrabawa da ita a kan Kananci aka gina ta, amma Sakkwatanci ba kuskure ba ne.

Matsalar tana farawa ne idan kunne ya yanke hukunci kafin a auna magana. Abokin namu ya daina ɗaga hannu a aji, shi da ya fi mu lissafi. Yayan wata 'yar ajinmu ya ci jarrabawar neman aiki a rubuce, amma a ganawar baki aka ce masa Turancinsa bai dace da hulɗa da jama'a ba.

Yanzu idan wani ya yi magana dariya ta taso mana, mukan tambayi kanmu: da rubutawa ya yi, me za mu gyara?