Takardar neman direba a Cibarakaten

Tun 2014 da aka ga zinariya a Cibarakaten, da mota ake kawo ruwan sha. Wani mai motocin ruwa ya liƙa takarda yana biɗar direba. Na karanta ta sannu-sannu.

Wajen parmin babbar mota an rubuta "tilas". Nan babu ciniki, don jandarma za su tambaye shi bisa hanya. Ina da shi. Jin Tamashek kuwa, an ce "in da hali". Wannan burin maigida ne kawai.

Abin da ya tsaida ni shi ne aikin shekara biyar, ni ko ukku gare ni. Amma ba a sa "tilas" nan ba, kuma duk ukkun cikin rairayi na yi su, daga Arlit zuwa nan. Na kai takarduna, na ce masa ukku ne.