Daga shagon atamfa zuwa tukunyar man gujiya

Mu huɗu ne muka haɗa jari muna saro atamfa da kayan roba daga Jibiya, ta hanyar Ɗan Isa, muna saidawa a Maraɗi. Da aka rufe iyaka a damanar 2023, kaya suka daina shigowa.

Kuskurenmu na farko jira ne. Wata uku muna cewa gobe za a buɗe, muna biyan hayar shago, muna taɓa uwar kuɗi don cefane. Jarin jika 200 ya koma jika 70, ga bashin asusu jika 40 a wuyanmu. Ran da muka buɗe littafi muka ga haka, sai da muka yi hawaye. Muka maida makulli, muka karyar da ragowar kaya, muka roƙi ƙungiya ta raba mana biya wata huɗu.

Sannan muka tambayi kanmu: wace sana'a ce kayanta ke nan gida, kuma hannunmu ya iya? Matsar man gujiya muka tashi muka tarar iyayenmu na yi. Amma ba mu zuba kuɗin duka ba, da tiya 10 muka gwada. Gujiya jika 15, niƙa da itace jika 2. Muka samu mai lita 8, jika 12 ke nan, ƙuli-ƙuli kuma ya ba da jika 7 da rabi. Riba jika 2 da rabi. Kun ga mai kaɗai bai maida kuɗin gujiya ba, ashe ribar tana cikin ƙuli-ƙuli. Shi ya sa muka hana yara ɗiba, muka nemi masu saye na kullum wurin masu tsire da masu kwaɗo.

Darasi na biyu bazara ta koya mana. Tiya ta tashi daga jika 1 da rabi zuwa jika 2, kuɗin mai bai tashi haka ba. Kowace matsa sai faɗuwa, dole muka tsaya wata biyu. Da mun sayi buhunna tun kaka, da ba mu tsaya ba.

A watan Maris na 2024 aka buɗe iyaka. Ɗayarmu ta koma atamfa, muka ba ta kasonta, muka rabu lafiya. Mu uku muka zauna kan mai.

Yau shekara guda ke nan. Bashi ya biyu, jarinmu jika 90. Bai kai na da ba, amma ba ma taɓa shi: kowace Juma'a riba kaɗai muke rabawa, kashi ɗaya cikin uku mu aje don sayen kaka. Bana gujiyar da ta bushe ƙayau za mu saya, mu ɗora buhunna bisa katako don kada danshi ya sa ta fumfuna.

Allah ya ba mu damana mai albarka.